Tambaya da Amsa: Saƙon Imel na Wata Ya Faɗo Akwatina

Tambaya

Ni malamin makarantar sakandare ne a Funtuwa. Ranar Litinin da daddare wani saƙon imel ya shigo mini daga wata baiwar Allah da ban taɓa sani ba. Ta fara da "ranka ya daɗe", ta ambaci suna irin nawa, sannan ta ce ga takardun da aka umarce ta ta turo na neman aikin jinya a wani asibitin kuɗi da ke Kaduna, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Ta haɗo takardu uku. Ban buɗe su ba, amma daga sunayensu na gane akwai takardar tarihin karatu da aiki, da shaidar kammala makaranta, da takardar NIN ɗinta. Ni kuwa ba ni da haɗi da wani asibiti.

Abokina ya ce in share kawai, aikin 'yan damfara ne, ina amsawa na shiga tarko. Maiɗakina ta ce in nemo ainihin mai sunan in tura masa, kuma da na duba Facebook na ga wani mai suna irin nawa da ya rubuta cewa a asibitin yake aiki. Yau ga shi Laraba, ban yi ko ɗaya ba, abin yana damuna. Shin in amsa mata? In kuwa zan amsa, me zan rubuta wanda ba zai kunyata ta ba, ni ma kuma ba zai jawo mini matsala ba?

Mai karatu, daga Funtuwa

Amsa

Malam, ganin Juma'a ta ƙarato, tun ranar da wasiƙarka ta iso na aika maka da gajeriyar amsa cewa ka rubuta mata nan take. Ga cikakken bayanin, don kai da sauran masu karatu da irin wannan zai same su.

Abin da ya sa na ce kada ka kwana ba ka amsa ba shi ne yadda imel yake aiki. Idan mutum ya rubuta adireshin da babu shi, na'urar aika saƙo takan dawo masa da saƙonsa, galibi cikin 'yan daƙiƙu, da sanarwar cewa ba a sami mai adireshin ba, sai ya gyara. Amma idan kuskuren ya faɗa kan adireshin da yake da mai shi, kamar naka, babu abin da zai dawo. Saƙon zai zauna a cikin waɗanda ta aika kamar kowane saƙo da ya isa lafiya. Ko da ta farga daga baya, ba ta da ikon janye shi, domin damar fasa aikawa da Gmail ke bayarwa, wato Undo Send, ba ta wuce daƙiƙa 30 ba komai aka tsawaita ta. To ita yanzu tana zaune tana jiran kiran asibiti, can asibitin ba su san da ita ba, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san takardun nan ba su isa ba. Kai ne. Idan ka yi shiru Juma'a za ta wuce, ita kuma za ta ɗauka an duba takardunta ne aka ga ba ta cancanta ba.

Amma abokinka ba shirme ya faɗa ba, kuma ya kamata a fara da maganarsa. Lallai 'yan damfara sukan aiko da saƙo mai kama da wanda ya yi ɓatan kai, su jira mai tausayi ya amsa, daga nan hira ta ƙullu. Takardar neman aiki ma tsohuwar hanya ce ta cusa wa mutane mugun fayil mai satar bayanai, tun da an san ma'aikatan ofis sun saba buɗe irinta ba tare da wani tunani ba. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka duba saƙon da kyau ba tare da ka taɓa takardun ba. Ka latsa kan sunan mai aikowa a saman saƙon, cikakken adireshinta zai fito. Idan ya yi daidai da sunan da ta sa hannu da shi a ƙasa, alama ce mai kyau. Idan kuwa wasu haruffa ne da lambobi a hargitse, ko sunan wani kamfani da bai da alaƙa da maganar, ka yi hattara. Sannan ka duba layin To, ka ga ko kai kaɗai aka aiko wa. Saƙon da aka watsa wa mutum hamsin, ko wanda aka ɓoye sunayen masu karɓarsa, da wuya ya zama kuskuren hannu.

Abin da ya fi duk waɗannan nuna gaskiya shi ne abin da saƙon yake nema a wurinka. Na damfara yakan so ka yi wani abu da gaggawa: ka latsa nan, ka shigar da kalmar sirrinka don ganin takarda, ka mayar da kuɗin da wai aka tura maka bisa kuskure, ka karanto lambar da ta shigo wayarka. Wanda ya yi ɓatan kai na gaskiya ba ya neman komai daga gare ka, domin ba da kai yake magana ba. Yana cike da abubuwan da ba ka gane kansu ba, kamar sunan wanda ya haɗa su, da maganar da suka yi a waya ranar kaza. Yadda ka kwatanta na baiwar Allar nan, ya fi kama da na gaskiya. Kuma ko da hasashena bai yi daidai ba, amsa mai layi huɗu wadda babu lambar wayarka a ciki ba za ta ba ɗan damfara komai ba sai sanin cewa akwai mai duba akwatin nan. Haɗarin yana cikin buɗe takardun da latsa abin da aka ce ka latsa, kai kuwa ba za ka yi ko ɗaya ba. Rashin buɗe su ya kare ka idan tarko ne, ya kuma kare sirrinta idan gaskiya ce.

Ga abin da nake ganin ya dace ka rubuta. Ka latsa Reply a kan saƙon nata, kada ka buɗe sabon saƙo, don ta ga amsarka a ƙarƙashin nata ta gane wanne ake nufi:

"Assalamu alaikum, Malama. Saƙonki na ranar Litinin mai ɗauke da takardun neman aiki ya shigo adireshina ne bisa kuskure, ni ba ma'aikacin asibitin da kike nema ba ne, sunana ne ya zo ɗaya da nasa. Ke nan wanda kika nufa bai same shi ba, sai ki sake tabbatar da adireshinsa ki tura masa kafin Juma'a. Ban buɗe takardun ba, ban tura wa kowa ba, kuma zan goge saƙon da zarar na aika wannan. Allah ya ba da sa'a."

Shi ke nan. Idan da Turanci ta rubuto, ka mayar mata da waɗannan jimlolin da Turanci, tun da ba ka da tabbacin tana jin Hausa. Idan ba ta yi sallama irin ta Musulmi ba, "barka da yini" ta wadatar.

Jimlar da ta fara da "Ke nan" ce mutane suka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi amfani. Da yawa sukan rubuta "ba nawa ba ne" su tsaya nan. Mai karanta wannan a cikin sauri, a waya, wataƙila a cikin motar haya, zai iya ɗauka cewa ma'aikacin asibitin ne yake cewa ba sashensa ba ne, ko kuma an riga an miƙa wa wanda ya dace. Sai ka faɗa mata ƙarara cewa saƙon bai je inda ta nufa ba, kuma ita ce za ta sake turawa. Ambaton Juma'a kuwa daga jikin saƙonta ka ɗauko shi, kuma ya cancanci ka maimaita shi, domin shi ne zai sa ta tashi tsaye.

Ka lura babu inda aka ce "kin yi kuskure". An ce saƙon ne ya shigo bisa kuskure, kuma an ba ta dalilin da zai sauƙaƙa mata kunya, cewa suna ne ya zo ɗaya. Ba don lallashi kawai na tsara shi haka ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai laifin ba nata ba ne. A wajenmu sunaye suna maimaituwa sosai, ga kuma rubutunsu iri-iri: Muhammad da Mohammed, Sulaiman da Suleiman, Usman da Othman. Wanda ya zo buɗe adireshi ya tarar an riga shi yakan ƙara wata lamba a ƙarshe, ko harafi ɗaya a tsakiya. Sai a karanta wa mutum adireshin ta waya ana hayaniya, ko a rubuta masa a bayan takarda, lambar nan ta faɗi a hanya, saƙo ya tafi wurin wanda ya riga kowa ɗaukar sunan. Ina zaton kai ne wannan mutumin.

A nan akwai wani ruɗani da nake yawan ji. Wani zai duba ya ga an rubuta adireshinsa da ɗigo tsakanin sunansa da na mahaifinsa, alhali shi bai sa ɗigo ba lokacin da ya buɗe, sai hankalinsa ya tashi, ya ce Gmail ya ba wani adireshi mai kama da nasa har saƙonninsu suna cakuɗewa. Ba haka ba ne. A adireshin da ya ƙare da `@gmail.com` ba a la'akari da ɗigo ko kaɗan, don haka `suna.mahaifi` da `sunamahaifi` akwati ɗaya ne, kuma naka ne kai kaɗai. Babu wanda yake karanta saƙonninka a wani gefe. (Adireshin ofis ko na makaranta da ke amfani da tsarin Google daban ne, a can ɗigo yana canza adireshi.) Amfanin sanin wannan a amsarka shi ne kada ka ce mata ta cire ɗigon ko ta ƙara shi, domin saƙon wurinka zai sake dawowa. Ka ce ta koma wurin wanda ya ba ta adireshin ta tabbatar da shi harafi bayan harafi.

Kuma kada ka ɗauka wannan tuntuɓen na marasa ƙwarewa ne. A watan Yulin 2023 jaridar Financial Times ta ba da rahoton cewa an shafe shekaru saƙonnin da aka nufi rundunar sojan Amurka da su suna tafiya Mali, saboda adireshin sojan yana ƙarewa da `.mil`, na ƙasar Mali kuma da `.ml`. Johannes Zuurbier, ɗan kasuwar Holan da ke kula da rajistar adireshin Mali a lokacin, ya ce daga watan Janairun shekarar kaɗai ya tara kusan saƙo 117,000, cikinsu har da bayanan asibiti da tsarin tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Harafi ɗaya ne ya faɗi. Irin wannan gurbin yana kusa da mu ma, domin `.ne` na Nijar harafi ɗaya ya raba shi da `.net`, haka `.cm` na Kamaru da `.com`. Idan hafsoshi da ma'aikatansu za su yi wannan, ma'aikaciyar jinya mai neman aiki ba ta cancanci a yi mata wa'azi a kai ba.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka ƙara komai a kan layukan nan. Na san halin malamin makaranta, hannu zai yi ƙaiƙayin ba ta shawara cewa ta riƙa lura, ko cewa bai kamata ta riƙa tura takardar NIN haka kawai ba. Shawarar gaskiya ce, amma ba wurinta ba ne. Wanda sirrinsa ya faɗa hannun baƙo abin da yake so ya ji shi ne baƙon bai tsaya kallo ba. Duk jimlar da ka ƙara game da abin da ke cikin saƙon tana nuna mata cewa ka zauna ka karanta ka yi nazari. Kamar wanda ya tsinci jakar mace ne a kasuwa: miƙa mata zai yi, ba zai tsaya yana lissafa mata abin da ya gani a ciki ba. Haka kuma ba sai ka gabatar da kanka ba. Sunanka na farko ya isa, ko ma ka bar shi, tun da ta riga ta gan shi a adireshin. Idan ka saita wayarka tana liƙa sa hannu a ƙasan kowane saƙo, mai ɗauke da lambar waya da sunan makarantarku, ka goge shi kafin ka aika. Game da kwana biyun da suka wuce kuwa, in kana so ka ce "ki yi haƙuri da jinkirin amsa", ya isa haka, kada ka shiga bayanin shawarwarin da kuka yi a gida.

Sai maganar maiɗakinka. Niyyarta alheri ce, amma ban goyi bayan a tura wa mutumin Facebook ba, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Ba ka da tabbacin shi ne. Suna ɗaya da wurin aiki ɗaya a shafin sada zumunta ba hujja ba ce, kowa yana iya rubuta cewa a asibiti kaza yake aiki, kuma masu damfarar masu neman aiki ma haka suke yi. Idan ka tura kuma ba shi ba ne, takardar NIN ɗin yarinyar mutane ta shiga hannun baƙo na biyu, wannan karon da hannunka. Ko da shi ne ɗin ma, ka cuce ta ta wata fuskar, domin abin da zai fara sani game da mai neman aikin nan shi ne takardunta sun biyo ta hannun wani malami a Funtuwa da ba ta sani ba. A aikin jinya, inda riƙon sirrin majinyaci yake cikin abubuwan da ake dubawa, wannan ba kyakkyawar gabatarwa ba ce. Idan ita ta sake turawa da kanta, babu wanda zai taɓa sanin an yi kuskure. Takardun nata ne, ita ke da ikon zaɓar wanda zai gan su, kuma wannan ne ma ruhin dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023. Ko sunan mutumin da ka gano ban so ka ba ta, kada ka zama kai ka nuna mata hanyar da ba ka san inda ta nufa ba.

Alkawarin gogewa kuma sai ka cika shi yadda ya kamata. A Gmail saƙon da aka goge yakan koma Trash (a wasu wayoyin Bin aka rubuta), ya zauna can kwana 30 kafin ya ɓace da kansa, don haka ka bi shi can ka goge shi gaba ɗaya. Amsarka ma tana ɗauke da kwafin rubutunta a ƙasa, ko da yake Reply ba ya ɗaukar takardun da aka haɗo, saboda haka zaren duka za ka goge, nata da naka. Ga wanda ya riga ya buɗe takardun kafin ya gane ba nasa ba ne, kada ya rubuta "ban buɗe ba". Ya ce "na buɗe kafin in gane ba nawa ba ne, ban ajiye ba, ban tura wa kowa ba", sannan ya duba Downloads a wayarsa ya share abin da ya sauka. Mai saƙon yana da haƙƙin sanin gaskiyar abin da aka gani, musamman idan akwai lambar asusun banki ko kalmar sirri da zai so ya canza.

Da a ce saƙon ba na neman aiki ba ne, a ce na rigimar gado ne tsakanin 'yan'uwa, ko sakamakon gwajin asibiti, ko maganar aure da ta lalace, to amsar sai ta ƙara gajarta. Ba za ka ambaci abin da ke ciki ba sam, "saƙonku na ranar kaza" kawai za ka ce. Idan rasuwa aka sanar, babu laifi ka rufe da "Allah ya jiƙan rai", domin wannan ko a hanya ka ji za ka faɗa. Idan kuma mutane da yawa ne a layin Cc, ka tabbata Reply ka latsa ba Reply all ba, don kada ka tona kuskuren mutum a gaban shugabansa da abokan aikinsa.

Bayan ka aika, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta rubuto godiya, wataƙila da addu'a mai tsawo. Ka ce "amin, ba komai", maganar ta ƙare a nan. Tana iya yin shiru, don kunya ko don hankalinta ya koma kan sake turawa, kada ka bi ta da tambayar ko ta gani. Amma idan amsar ta zo da yabon kirkinka, da tambayar inda kake zaune da sana'arka, da neman lambarka ta WhatsApp, ko aka ce ka taimaka da kuɗin mota zuwa Kaduna, to hasashen abokinka ne ya tabbata. Kada ka sake cewa uffan, ka latsa Report spam ka toshe adireshin.

Akwai yiwuwar wannan ba zai zama na ƙarshe ba. Idan mai suna irin naka yana ba mutane adireshin da ya ɓace masa da harafi, ko an buga shi haka a wata sanarwar ɗaukar aiki, wasu masu neman aikin za su biyo baya. Ka ajiye layukan nan huɗu a wayarka, kana canza rana da jinsi kawai. Idan ka ga sun kai uku ko huɗu a kan aiki ɗaya, a nan ne ya dace ka nemi asibitin da kansa ta lambar ofishinsu, ka shaida musu cewa adireshin da suke bayarwa yana da kuskure, ba tare da ka ambaci sunan kowa cikin masu neman ba. Saƙonnin da na'ura ke aikowa kuwa, irin su rasit ko sanarwar buɗe asusu daga adireshin da ya fara da `noreply`, amsa musu ba ta isa wurin kowa, sai dai ka nemi sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin ka ce a cire adireshinka. Kuma ko da ka ga za ka iya shiga asusun mutumin ta hanyar sauya kalmar sirri, tun da saƙon sauyawar wurinka zai zo, kada ka shiga, ko da niyyarka ka nemo lambarsa ce ka sanar da shi.